Yadda Ake Tattara Shafen Launi da Sharhin Masu Duba Aiki Daga Fayil ɗin PDF Zuwa Jeri Guda

Wata ɗalibar digiri na biyu ta zo shagon da nake aikin buga takardu a Unguwar Rimi ɗauke da fayil biyu na PDF a cikin filashi. Duka biyun kundinta ne guda mai shafi 118, sai dai ɗaya ya dawo daga hannun malamin da ke duba aikinta, ɗayan kuma daga hannun mai jarrabawa na cikin gida. An umarce ta da ta kawo jadawalin gyare-gyare, wato takardar da za ta nuna kowace gyara da aka nema, da shafin da take, da abin da ta yi a kanta. Kafin ta zo ta shafe kwana biyu tana buɗe shafi bayan shafi tana kwafe sharhin da hannu a littafi, har ta kai inda ba ta da tabbacin ko ta tsallake wani. Da aikinta zan yi misali daga farko zuwa ƙarshe, domin kusan duk matsalar da ake cin karo da ita a wannan aiki ta bayyana a cikinsa.

Abin da ke cikin fayil ɗin a zahiri

Akwai abu ɗaya da in mutum ya fahimce shi, sauran matakan duka za su zo masa da sauƙi. Idan malami ya shafa ruwan ɗorawa a kan wata jimla a cikin PDF, jimlar ba ta canzawa, kuma launin ba ya shiga cikin rubutun. Manhajar tana ajiye wani ƙaramin bayani ne a gefe, wanda ya ƙunshi irin alamar, da sunan wanda ya yi ta, da lokacin da aka yi ta, da launinta, da sharhin da aka rubuta a kanta idan akwai, sannan da wasu lambobi da ke nuna kusurwoyi huɗu na kowane layin da launin ya rufe. Kamar dai an ɗora farar leda a kan shafi an yi zane a kan ledar. Wannan tsari yana cikin ƙa'idar PDF kanta, wadda kamfanin Adobe ya fito da ita a 1993 kuma ta zama ƙa'idar ƙasa da ƙasa a 2008, shi ya sa alamar da aka yi da wata manhaja take bayyana a wata.

Abin lura shi ne, a cikin wannan bayani na gefe babu kalmomin da aka shafa wa launin. Wurinsu kawai aka rubuta. Saboda haka ne mutane da yawa suke fitar da jerin sharhi, su ga an rubuta `Highlight` sau talatin da lambar shafi, amma babu ko kalma ɗaya daga cikin abin da malamin ya shafa. Manhajar ba ta lalace ba, abin da ke cikin alamar ta ba su. Duk hanyar da za ta kawo kalmomin dole sai ta koma kan shafin ta karanto abin da ke ƙarƙashin waɗannan kusurwoyi.

Mataki na farko: a kwafi fayil, a gwada shi, a ƙirga

Kafin komai, a buɗe sabuwar folda a kwafi fayilolin a ciki, a bar na asali inda suke ba tare da an taɓa su ba. Na sauya wa kwafin suna zuwa `malam.pdf` da `jarrabawa.pdf`, domin gajeren suna marar tazara yana rage kuskure idan an zo rubuta umarni.

Daga nan sai a buɗe fayil ɗin da Adobe Acrobat Reader, wadda kyauta ce, a buɗe sashen `Comments` da ke gefen dama. A saman sashen akwai adadin sharhin da ke cikin fayil ɗin baki ɗaya. A rubuta wannan adadi a takarda, domin da shi za a auna duk abin da za a fitar daga baya. A fayil ɗin malaminta mun ga 64.

Da muka buɗe na mai jarrabawa sai muka tarar da sashen babu komai, alhali ga ruwan ɗorawa nan ɓaro-ɓaro a shafuka da dama. Na danna kan launin, bai zaɓu ba, kuma babu akwatin sharhi da ya buɗe. Wannan alama ce ta cewa an manne ledar da shafin sun zama abu ɗaya, kuma yawanci hakan yana faruwa ne idan mutum ya gama gyara sai ya bi ta `Print` ya zaɓi `Microsoft Print to PDF` a maimakon ya danna `Save`. Launin yana nan a matsayin zane, amma rubutun da ke cikin akwatunan sharhi ya tafi, kuma babu manhajar da za ta dawo da shi daga wannan fayil. Na ce mata, "Malama, kada ki wahalar da kanki a kan wannan, wanda ya turo shi ne kaɗai yake da maganinsa." Muka tsara saƙo gajere ta aika: "Allah ya gafarta Malam, fayil ɗin da na samu ya zo da launin amma babu sharhin da ke ciki. Ina roƙon a taimaka a turo mini ainihin wanda aka yi gyaran a kansa." Washegari ya turo, muka buɗe muka ga 27.

Sauran gwaji ɗaya ya rage a wannan mataki, kuma bai kamata a tsallake shi ba musamman idan rubutun da Hausa ne. A zaɓi jimla ɗaya daga cikin shafin, wadda ke da ƙ ko ɗ ko ɓ, a kwafe ta a liƙa a Notepad. Idan jimlar ta ƙi zaɓuwa gaba ɗaya, to shafin hoto ne da aka yi wa sikan, babu rubutu a ƙarƙashinsa da za a karanto. Sharhin malami zai fito, amma kalmomin da ya shafa sai an buga su da hannu. Idan ta zaɓu amma haruffa masu lanƙwasa suka koma wasu alamomi dabam, to an buga aikin ne da ɗaya daga cikin tsofaffin salon haruffan Hausa da ke ɗora ƙ da ɗ a kan wasu maɓallai, kuma haka za su fito a jerin ko da wace hanya aka bi. Wannan ba ya hana aiki, sai dai a san da shi tun da wuri don a gyara su da `Find and Replace` a ƙarshe.

Hanyar da ba ta buƙatar komai sai Acrobat

Wanda sharhinsa bai wuce goma sha biyar ko ashirin ba, kuma yawancinsu rubutu ne da malamin ya buga a akwati, wannan hanya ta ishe shi. A cikin Reader a danna `Ctrl+P`, a nemi maɓallin `Summarize Comments` a cikin akwatin da ya buɗe, a amsa da `Yes`, sannan a zaɓi `Microsoft Print to PDF` a matsayin firinta a ba sabon fayil ɗin suna dabam. Za a samu kundin tare da ƙarin shafukan da ke jera sharhin, kowanne da lambarsa da sunan mai shi da kwanan wata. Mai Acrobat Pro, wadda ake biya, yana da abin da ya fi wannan tsabta: a cikin ɗigo ukun da ke saman sashen `Comments` akwai `Create Comment Summary`, inda zai zaɓi `Comments only` ya samu jerin shi kaɗai babu kundin.

Iyakar wannan hanya ita ce wadda na ambata a sama. Da muka gwada ta a fayil ɗin malamin, shafen launin da ya rubuta wa sharhi ya fito da sharhin kaɗai, irin su "kawo madogara" ko "wannan ya saɓa wa babi na ɗaya", ba tare da jimlar da ake magana a kanta ba, wanda bai rubuta wa komai ba kuma ya fito fayau. Akwai saiti a Acrobat da ke magance wannan: a danna `Ctrl+K`, a shiga `Commenting`, a sa alama a zaɓin da ya fara da `Copy selected text into Highlight`. Amma saitin yana aiki ne a kwamfutar mai yin shafen, kuma a kan shafen da za a yi nan gaba kawai, ba ya komawa baya ya cike waɗanda aka riga aka yi. Ga malaman da ke duba kundin ɗalibai a kwamfuta, ina ganin kunna wannan zaɓi sau ɗaya yana cikin mafi sauƙin alherin da za su yi wa ɗalibansu. Ga ɗalibin da fayil ya riga ya zo hannunsa kuwa, bai amfana masa komai ba.

Masu amfani da Zotero wajen tsara madogara suna da wata mafita a hannu. Tun daga fitowa ta 6 a 2022 manhajar tana karanta PDF da kanta, kuma idan aka jawo fayil cikinta aka danna shi da maɓallin dama aka zaɓi `Add Note from Annotations`, tana haɗa shafen launi da kalmominsa da lambar shafi a takarda ɗaya. Don tattara abin da mutum ya shafa wa kansa yayin karatu, ban san abin da ya fi ta ba. Amma an gina ta ne don mai karatu, ba don mai karɓar gyara ba, saboda haka ba na dogara da ita a fayil ɗin da ke cike da soke kalmomi da cusa wasu, sai an ƙirga abin da ta fitar an gwada da adadin farko.

Hanyar da ke kawo komai a jadawali

Tunda abin da aka nema daga ɗalibar jadawali ne, kuma sharhin ya kai casa'in da ɗaya daga mutum biyu, sai na bi hanyar da na fi amincewa da ita, wato ɗan gajeren shirin kwamfuta da aka rubuta da harshen Python, wanda ke shiga kowane shafi, ya ɗauki kowace alama, ya karanto kalmomin da ke ƙarƙashinta, ya zuba su a fayil ɗin da Excel ke buɗewa. Ba sai mutum ya iya rubuta shiri ba kafin ya yi amfani da shi, kwafewa kawai zai yi ya sauya sunan fayil.

Da farko a sauke Python daga shafinsa na python.org a girka. Bayan haka a buɗe foldar da aka ajiye kwafin, a danna sandar adireshi da ke sama, a rubuta `cmd` a danna `Enter`. Baƙin allo zai buɗe yana tsaye a cikin wannan folda, sai a rubuta wannan umarni da ke girka ƙarin da Python ke karanta PDF da shi, wanda a cikin umarnin duka shi kaɗai ne ke buƙatar intanet:

```
py -m pip install pymupdf
```

Sannan a buɗe Notepad a kwafi shirin da ke ƙasa daidai yadda yake. Tazarar da ke farkon layuka tana cikin ma'anar shirin, idan aka goge ta ko aka ƙara ba zai tashi ba.

```python
import csv, pymupdf
doc = pymupdf.open("malam.pdf")
f = open("malam.csv", "w", newline="", encoding="utf-8-sig")
w = csv.writer(f)
w.writerow(["shafi", "wuri", "iri", "suna", "rubutu", "sharhi"])
for p in doc:
    for a in p.annots():
        t = ""
        if a.type[1] in ("Highlight", "Underline", "StrikeOut", "Squiggly"):
            v = a.vertices
            for i in range(0, len(v), 4):
                r = pymupdf.Quad(v[i:i+4]).rect
                h = r.height / 4
                t += p.get_textbox(r + (0, h, 0, -h)).strip() + " "
        w.writerow([p.number + 1, round(a.rect.y0), a.type[1],
                    a.info["title"], t.strip(), a.info["content"]])
f.close()
```

Wajen adanawa a zaɓi `All files` a ƙarƙashin `Save as type`, a ba shi suna `jeri.py`, a cikin foldar nan dai. Idan ba a zaɓi `All files` ba, Notepad na iya ƙara masa `.txt` a ƙarshe, sai baƙin allo ya ce bai ga fayil ɗin ba. Daga nan a koma baƙin allon a rubuta:

```
py jeri.py
```

Idan bai ce komai ba ya dawo da layin umarni, to aiki ya yi, kuma `malam.csv` ya bayyana a foldar. Don fayil na biyu, a sauya sunayen biyu da ke layi na biyu da na uku zuwa `jarrabawa.pdf` da `jarrabawa.csv`, a adana, a sake ba da umarnin.

Wurare biyu a cikin shirin sun cancanci bayani, domin su ne suka bambanta shi da irin waɗanda ke fitar da jeri mai datti. Na farko shi ne inda aka raba tsayin layi gida huɗu aka rage kashi ɗaya daga sama, ɗaya daga ƙasa. Dalili kuwa, akwatin da launi ya rufe yakan ɗan taɓa layin da ke samansa ko na ƙasansa, musamman a inda aka matse layuka kamar doguwar maganar da aka ɗauko daga wani littafi ko bayanin ƙasan shafi, kuma shirin yana ɗaukar duk harafin da akwatin ya taɓa. Idan ba a rage ba, sai a ga jimlar ta fito haɗe da guntayen kalmomin da malamin bai shafa ba. Wanda ya ga har yanzu guntayen suna shigowa, sai ya mayar da `h = r.height / 4` zuwa `h = r.height / 3` don a ƙara matse akwatin. Na biyu shi ne `utf-8-sig`, wanda ke sa wata 'yar alama a farkon fayil ɗin da ke sanar da Excel yadda zai karanta haruffa. Idan aka cire ta, ƙ da ɗ da ɓ sukan rikiɗe su zama tarkacen alamomi da zarar an buɗe, alhali a cikin fayil ɗin lafiyarsu ƙalau.

Daidaita lissafi

A nan ne aikin yake, kuma a nan ne mafi yawan mutane suke gaggawa. Da muka buɗe `malam.csv` a Excel, mun ga layi 70 ban da na kan jadawali, alhali Acrobat ta ce 64. Ɗalibar ta ɗauka shirin ya maimaita wasu ne, ta nemi mu goge shida. Ban yarda ba, domin bambancin da ba a gano dalilinsa ba yana iya ɓoye wani kuskuren: ana iya samun takwas da suka ƙaru da biyu da suka ɓace, lissafi ya ba da shida.

Muka sa `Filter` a ginshiƙin `iri`, wato layin da ya sauko daga sama zuwa ƙasa mai nuna nau'in alama, muka ƙirga kowane nau'i. `Highlight` 33 ne, `Text` 16, wato 'yan akwatunan sharhi da ake mannawa a gefen shafi, `StrikeOut` 13, wato kalmomin da aka soke da layi, sai `Caret` 8, wato alamar da ke cewa a cusa wani abu a nan. Jimilla 70. Da muka duba sosai sai muka ga a wurare shida `StrikeOut` da `Caret` suna shafi ɗaya kuma lambarsu ta `wuri` kusan ɗaya ce. Waɗannan su ne inda malamin ya yi amfani da kayan aikin maye gurbin rubutu: ya soke kalma ya kawo wata a madadinta. A idon Acrobat gyara ɗaya ce, amma a cikin fayil alama biyu ce da aka ɗaure tare, ɗaya ɗauke da tsohuwar kalma, ɗaya ɗauke da sabuwa. Saba'in a cire shida ya ba da sittin da huɗu, lissafi ya daidaita. Muka haɗa kowane biyu a layi ɗaya, tsohuwar kalma a `rubutu`, sabuwa a `sharhi`, muka rage da soke zalla guda 7, cusawa zalla guda 2, da maye gurbi guda 6.

Akwai wasu abubuwa biyu da ke ƙara yawan layuka ta wannan fuska, ko da yake ba su fito a wannan fayil ba. Idan wani ya amsa sharhin wani a cikin PDF, amsar tana fitowa a matsayin `Text` mai zaman kanta a daidai wurin sharhin farko. Haka kuma idan an sa wa sharhi matsayi irin `Accepted` ko `Completed`, shi ma ana ajiye shi a matsayin ƙaramar alama dabam. Idan kuwa layukan sun gaza adadin Acrobat, abin da na fi samu shi ne an ba shirin wani kwafin fayil ɗin dabam da wanda aka ƙirga, don haka a fara duba sunan da ke layi na biyu. Layin da ya fito da `Ink` kuma babu komai a gabansa, rubutun hannu ne da malamin ya yi da alƙalamin allo, zane ne ba haruffa ba, sai an koma shafin an karanta da ido an buga. Fayil ɗin mai jarrabawa ya ba da 27 daidai ba tare da wata wahala ba.

Bayan lissafi ya daidaita, ban tsaya nan ba sai da muka zaɓi layi biyar daga wurare dabam-dabam, na farko da na ƙarshe da uku daga tsakiya, muka koma PDF muka gwada kalma da kalma. Ƙirga tana tabbatar da cewa babu alamar da ta ɓace, amma ba ta tabbatar da cewa kalmomin da aka karanto su ne daidai ba.

Mayar da jerin ya zama jadawalin gyara

Abu na farko a Excel shi ne a bi ta `Save As` a mayar da fayil ɗin `.xlsx`, domin CSV ba ya riƙe faɗin ginshiƙi ko launi ko wani tsari, duk abin da aka ƙawata zai tafi idan aka rufe. Sannan muka kwafo layuka 27 na mai jarrabawa muka liƙa a ƙarƙashin 64 na malami, suka zama 91. Kafin haɗawa a dubi ginshiƙin `suna`. Sunan da ke fitowa shi ne wanda aka saita a manhajar mai sharhin, kuma sau da yawa ba sunan kowa ba ne. Na mai jarrabawa ya fito `User`, muka sauya shi da hannu tun kafin layukan su cakuɗe.

Alamomin suna fitowa ne bisa yadda aka ajiye su a fayil, wanda galibi shi ne yadda malamin ya yi su, ba yadda ake karanta shafi daga sama zuwa ƙasa ba. Amfanin ginshiƙin `wuri` ke nan: lamba ce da ke nuna nisan alamar daga saman shafi, ƙarama tana sama, babba tana ƙasa. A shiga `Sort`, a jera da `shafi` tukuna, a ƙara mataki na biyu da `wuri`, sai sharhin mutum biyun ya shiga juna bisa tsarin karatu. Nan take muka ga wurare uku da malamin da mai jarrabawa suka yi magana a kan sakin layi ɗaya, kuma a ɗaya daga ciki sun saɓa: ɗaya ya ce a faɗaɗa bayanin, ɗaya ya ce a cire shi. Da tana bin fayilolin ɗaya bayan ɗaya, da sai ta gama faɗaɗawa sannan ta tarar da umarnin cirewa. Ga maƙalar mujalla da aka tsara shafinta gida biyu, wannan jerawa tana gauraya ɓangaren hagu da na dama, sai an ɗan gyara da hannu.

Sai batun lambar shafi, wanda ke rikita ɗalibai ƙwarai. Shirin yana ƙirga shafuka ne daga bangon farko, amma kundin digiri yana farawa da shafukan share fage masu lambar Romawa, irin su sadaukarwa da godiya da tsakure da ƙumshiya. A nata kundin guda 14 ne, saboda haka abin da jerin ya kira shafi na 37 shi ne wanda aka buga wa 23 a ƙasansa. Malami kuwa da lambar da aka buga zai duba. Muka ƙara sabon ginshiƙi muka sa wannan a layi na biyu muka ja shi har ƙasa:

```
=A2-14
```

Layukan da suka ba da sifili ko ƙasa da haka na shafukan share fage ne, muka rubuta musu lambar Romawa da hannu. Idan a wani gurbi aka ga `#NAME?` a maimakon sharhi, to malamin ya fara maganarsa da alamar `-` ko `=` ne Excel ya ɗauke ta lissafi; a danna gurbin, a sa `'` a farkon rubutun, zai dawo daidai. Idan kuma aka sake ba da umarnin `py jeri.py` aka ga `PermissionError`, to fayil ɗin CSV yana buɗe a Excel, a rufe shi a sake.

A ƙarshe muka ɓoye ginshiƙin `wuri`, muka ƙara biyu a dama, ɗaya na abin da aka yi, ɗaya na sabon shafi, tunda gyara tana motsa rubutu kuma lambar shafin da ke sabon kundi ba za ta zama ta tsohon ba. Wannan na biyun ba a cike shi sai an gama dukkan gyara an sake fitar da kundin.

Saura shafen launi guda 12 daga cikin 33 na malamin, waɗanda ginshiƙin sharhinsu ya fito babu komai. Jerin ya kawo kalmomin da ya shafa, amma babu inda zai kawo abin da yake nufi da su, ko kuskuren nahawu ya gani, ko madogara yake nema, ko kuwa jimlar ce ta burge shi ya shafa don ya tuna. Na shawarce ta kada ta yi hasashe ta cike gurbin. Muka tace su su kaɗai, muka haɗa da wurin nan guda da masu duban biyu suka saɓa, muka buga a takarda ɗaya mai layi 13 da lambar shafi da jimlar kowanne, muka bar fili a gefen dama inda malamin zai rubuta abin da yake so a yi, ta ɗauka ta tafi da ita ofishinsa.